Kafin Ka Sayi Magani: Ba Kowane Tabo A Ganyen Tumatir Ne Cuta Ba

Duk wanda ya san noman rani a wurare irin su Kadawa da Kura a Jihar Kano ya san yadda hankalin mai lambu ke tashi idan ya iske ganyen tumatirinsa ya murɗe ko ya yi tabo. Nan da nan sai ya ce cuta ta shigo, ya nufi shagon magani, a haɗa masa na ƙwari da na fangas. Sau da yawa kuɗin nan asara ne, domin abin da ya sami shukar zafin rana ne, ko ƙishirwa, ko maganin ciyawa da iska ta kwaso daga gonar maƙwabci. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da feshi ke warkarwa.

Abin da ya raba su da cuta shi ne ita cuta abu ce mai rai. Takan fara a kan 'yan tsiraru, ta riƙa cin gaba kullum, daga ganye zuwa ganye, daga shuka zuwa shuka. Ita kuwa ƙuna lokaci ɗaya take aukuwa, ta kama shuke-shuke da yawa a rana guda, ta tsaya inda ta tsaya. Saboda haka kafin ka ƙura wa ganye ɗaya ido, ka hau kan kunya ka dubi lambun gaba ɗaya, ka ga ta ina ɓarnar ta fi yawa.

Mu ɗauki misali. Mutum ya dasa tumatir, ya yi wata guda, ya fara fure. A gefen gabas akwai gonar shinkafa. Wata safiya sai ya ga kan tumatirin ya sunkuya, sandunan ganyen sun lanƙwashe ƙasa suna murɗewa. Bayan mako guda sabbin ganyen da suka fito sirara ne, masu kauri, jijiyoyinsu sun miƙe a jere, bakinsu ya tsuke. Maƙwabta suka ce ai cutar naɗe ganye ce.

Cutar naɗe ganye gaskiya ce, bairos ce da farin ƙuda ke yaɗawa. Amma tana da nata alamun. Ganyen kan ƙanƙance ya kofe sama kamar cokali, gefensa ya yi rawaya, shukar ta tsumbure, fure ya zube. Kuma a warwatse take farawa, wannan ta kamu, ta kusa da ita lafiya lau, sannan adadin ya riƙa ƙaruwa mako bayan mako. Idan ka girgiza shukar, galibi za ka ga fararen ƙudajen sun tashi daga ƙarƙashin ganye.

A lambun da muke magana ba haka abin yake ba. Kunyoyin da ke jikin gonar shinkafa duk sun murɗe, na tsakiya kaɗan-kaɗan, na yamma ko alama babu. Kuɓewar da aka shuka a bakin iyaka ita ma ta murɗe, haka ciyayi masu faɗin ganye, amma ciyawa mai siririn ganye tana nan tsanwa shar. Wannan aikin 2,4-D ne, maganin da ake fesa wa shinkafa da masara don ya kashe ciyawa mai faɗin ganye ya bar dangin hatsi. Tumatir na cikin shuke-shuken da suka fi rashin jure shi, ɗan feshin da ido ba ya gani ya isa ya lanƙwasa shi. Wani nau'insa ma yakan zama tururi idan rana ta yi zafi, ya tashi bayan an gama feshi. Idan aka tambayi mai shinkafa ranar da ya yi feshi, aka ga kwana ɗaya ko biyu ne kafin ganyen ya sunkuya, magana ta ƙare.

Wani lokacin kuma daga hannun mai lambun ne. Idan ya ari injin feshi da aka zuba wa 2,4-D, ɗauraya ɗaya ba ta fitar da shi. A nan ɓarnar za ta bi kunyoyin da ya fesa daidai yadda ya taka.

Sauran magungunan ciyawa suna da tasu shaidar. Farakwat, mai ƙone ciyawa nan take, yakan bar ɗigo-ɗigon tabo masu ruwan ƙasa a duk inda ya sauka cikin kwana ɗaya ko biyu. Tabon ba ya girma, sabon ganye kuma yakan fito garau. Gilaifoset yakan ɗauki kwanaki, sannan gindin sabbin ganyen da ke can sama ya yi rawaya ko fari. Tabon fangas da ya fi damun tumatir kuwa daga tsofaffin ganyen ƙasa yake farawa, da zobe cikin zobe a tsakiyarsa, da rawaya kewaye da shi, yana faɗi yana hawa sama.

Ƙunar rana ta fi sauƙin ganewa, domin gefen da rana ke duka kaɗai take kamawa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, 'ya'yan tumatir da tattasai da ganye bai rufe ba sukan yi farin tabo a kafaɗa, wurin ya lotsa ya bushe kamar takarda. Daga baya baƙin fangas na iya hawa kan tabon, mutum ya ɗauka shi ne sanadi, alhali ya tarar da rauni ne kawai. Dashen da aka raina a inuwa aka fitar da shi rana tsaka shi ma ganyensa na sama kan yi fari. Maganin wannan shi ne a riƙa janye rumfa a hankali kamar mako guda kafin dashe, a dasa da yamma, kuma a daina yawan zage ganye idan 'ya'ya sun fito.

Ƙonewar bakin ganye kuma daga saiwa take. Ganye na zubar da ruwa fiye da yadda saiwa ke aiko masa, sai tsininsa da gefensa su bushe su yi ruwan ƙasa, tsakiyar tana tsanwa. Iskar hunturu na jawo haka, tsallake ranar ban ruwa na jawowa, haka ma zuba yuriya dab da gindi a busasshiyar ƙasa. Ka tona da hannu tsawon yatsa ka ji danshi, ka tuna yaushe ka sa taki. Za ka lura abin ya fi tsanani a ƙarshen kunya inda ruwa ba ya kaiwa sosai.

Idan har yanzu kana shakka, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Zaɓi shuka biyar da suka kamu da biyar masu lafiya a kusa da su, ka ɗaura musu tsumma, ka ɗauki hoto da waya, ka dawo bayan kwana biyar zuwa bakwai. Idan tabon ya faɗaɗa ko masu lafiya sun kamu, cuta ce, ka kai wa malamin gona shuka guda har da saiwarta. Idan komai na nan yadda ka bari, ƙuna ce. Sai dai ka sani 2,4-D kan ci gaba da fito da murɗaɗɗen sabon ganye na 'yan makonni, amma ba ya tsallakawa zuwa shukar da bai taɓa ba.

Tumatirin da feshi ya ɗan taɓa yakan farfaɗo idan ana ba shi ruwa a kan kari ba tare da an cika masa taki ba, ko da yake nunarsa za ta yi jinkiri, amfaninsa ya ragu. Wanda bairos ta kama kuwa ba ya warkewa, tugewa ake yi tun da wuri. Mai lambu ya ware injin feshi na maganin ciyawa daban, mai shinkafa kuma ya duba inda iska ta dosa, ya sanar da maƙwabcinsa kafin ya buɗe famfo, domin haƙƙin maƙwabtaka ya haɗa har da wannan.