Hawa da Sauka: Lissafin Kashi Cikin Ɗari da Ke Ruɗar Mutane

Ranar 1 ga Janairun 2012 'yan Najeriya suka wayi gari da labarin cewa gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur. Litar da ake saye naira 65 ta koma naira 141. Zanga-zanga ta ɓarke daga Legas har Kano, ƙungiyoyin ƙwadago suka tsunduma yajin aiki, kuma a ranar 16 ga watan gwamnati ta sauko da farashin zuwa naira 97.

A cikin waɗannan alƙaluma uku akwai wani lissafi da ke ba mutane da yawa mamaki. Ƙarin da aka yi naira 76 ne, wato kusan kashi 117 cikin ɗari na tsohon farashin. Da gwamnati ta so mayar da litar naira 65 cif, naira 76 ɗin nan za ta cire. Amma wannan cirewar ba za ta zama kashi 117 ba, kusan kashi 54 cikin ɗari ce kawai. Kuɗin ɗaya ne, naira 76 a hawa, naira 76 a sauka, sai dai kason ya sha bamban. Me ya kawo haka?

Dalilin shi ne kashi cikin ɗari ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Kullum kason wani abu ne. Lokacin hawa, an auna naira 76 da naira 65, shi ya sa ta fito da girma. Lokacin sauka kuwa, da naira 141 za a auna ta, sai ta ƙanƙance. Da zarar farashi ya motsa, abin da ake aunawa da shi ya canza.

A ɗauki misalin hatsi, tunda kowa ya san yadda farashinsa ke tashi da bazara ya faɗi da kaka. A ce ɗan kasuwa a Dawanau ya sayi buhun masara naira 40,000. Bayan 'yan watanni farashi ya tashi da kashi 25 cikin ɗari. Kashi 25 rubu'i ne, rubu'in 40,000 kuma 10,000 ne, don haka buhu ya zama naira 50,000. Bai sayar ba, yana jiran ya ƙara tashi. Sabuwar masara ta shigo kasuwa, farashi ya faɗi da kashi 25 cikin ɗari.

A nan ne mai saurin lissafi zai ce an yi canjaras, ba riba ba faɗuwa. Amma rubu'in da za a cire yanzu na 50,000 ne, wato 12,500. Buhu ya dawo naira 37,500. Ɗan kasuwar ya yi asarar naira 2,500 a kowane buhu, kuma idan buhu 200 ya ajiye, naira 500,000 ta tafi daga uwar kuɗinsa, ban da kuɗin sito da na dako. Faɗuwar da za ta mayar da shi kan kuɗinsa daidai ita ce kashi 20 cikin ɗari, domin 10,000 kashi ɗaya cikin biyar ce ta 50,000.

Ko an juya tsarin, sakamakon ba ya canzawa. Idan farashin ya fara faɗuwa da rubu'i, 40,000 ta koma 30,000, sannan ya tashi da rubu'in 30,000, wato 7,500, a kan 37,500 ɗin dai za a tsaya.

Akwai hanya mai sauƙi ta sanin girman wannan giɓi tun kafin a taɓa kuɗin. A ninka kason da kansa, a raba da ɗari. Kashi 25 sau 25 ya ba da 625, a raba da ɗari ya zama 6.25, kuma kashi 6.25 cikin ɗari na 40,000 shi ne naira 2,500 ɗin nan. Idan hawa da saukar kashi 10 ne, giɓin kashi 1 ne kacal: 100 ta zama 110, ta dawo 99. Shi ya sa a ƙananan canje-canje ba a cika lura ba. Amma idan kashi 50 ne, giɓin ya kai kashi 25: 100 ta zama 150, ta faɗo 75. Masu lissafi suna rubuta dokar haka: (1 + x)(1 − x) = 1 − x². Ma'anarta dai ita ce, ƙari da ragi na kaso ninkawa ake yi, ba tarawa da ɗebewa ba.

Mutanen Nijar sun ɗanɗana ɗaya fuskar wannan lissafi a watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da kashi 50 cikin ɗari. Kafin ranar, sefa 50 ke sayen faran ɗaya na Faransa. Bayanta, sai da sefa 100. Darajar sefa ta ragu da rabi, amma ga ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ke biyan kayan waje da kuɗin Faransa, abin da zai biya ya ninka, wato ya ƙaru da kashi 100 cikin ɗari. Wanda ya ce kashi 50 da wanda ya ce kashi 100 duk gaskiya suka faɗa, kowanne daga inda ya tsaya yana aunawa. Haka abin yake ga jari: wanda ya rasa rabin jarinsa sai ya ninka abin da ya rage kafin ya koma inda yake. Daga nan kuma ake gane wani kuskure da ake yawan ji, inda za a ce farashi ya faɗi da kashi 150 cikin ɗari. Hawa ba shi da iyaka, amma faɗuwar kashi 100 tana nufin kayan sun zama kyauta.

Inda wannan ruɗani ya fi cin kuɗin mutane a boye shi ne wajen cire haraji daga farashi. A watan Fabrairun 2020 Najeriya ta ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Kayan naira 10,000 idan an ɗora musu kashi 7.5 sun zama naira 10,750. Mai shago da ke son sanin ainihin kuɗin kayan daga rasit, idan ya cire kashi 7.5 na 10,750, zai cire naira 806.25, ya samu 9,943.75. Ya yi kuskuren naira 56.25, kuma a cinikin miliyan goma kuskuren ya haura naira 56,000. Hanyar da ta dace ita ce ya raba 10,750 da 1.075, sai 10,000 ta fito daidai. Don tabbatarwa, ya sake ɗora kashi 7.5 a kan amsar da ya samu. Idan jimillar ta yi daidai da abin da ke kan rasit, lissafin ya fita. Idan ta gaza, to daga sabon farashi ya cire kason, kamar yadda 9,943.75 za ta ba shi kusan naira 10,690 maimakon 10,750.