Karanta Jarida Ba Tare da Ƙamus a Cinya Ba

Yaron da ya tashi a Legas ko a zangon Kumasi yana jin Hausar gida da ta kasuwa sarai, amma da ya ɗauki jaridar Aminiya sai ya ci karo da kalmomin da bai taɓa ji ba. Yawanci sai ya riƙa tsayawa a kan kowace yana nemanta a ƙamus, kafin ya kai sakin layi na uku zaren labarin ya kuɓuce masa, ya ajiye jaridar. Abin yana damuna, domin jarida tana koyar da kalmominta da kanta idan aka bar ta.

Ɗauki labari irin wannan: majalisar dokokin wata jiha ta tsige kakakinta, bayan da mafi yawan 'yan majalisar suka zarge shi da almundahana, nan take kuma aka rantsar da wani a madadinsa. Ka ce ba ka san “tsige” ba. Ci gaba da karatu. An zargi mutum, an sa wani a gurbinsa, ashe cire shi aka yi. “Almundahana” kuwa, ko ba ka san ainihinta ba, ka gane laifi ce, kuma wannan ya ishe ka a yau. Gobe labarin zai ambaci kuɗin da suka yi ɓatan dabo, ma'anar ta ƙara fitowa.

Shi ya sa ya fi kyau ka bi labari guda na kwanaki, maimakon tsallen-tsallen shafuka. Rahoton shari'a ɗaya zai yi ta maimaita beli, ɗage zama da ɗaukaka ƙara har su zauna maka.

Amma hasashe yana da iyaka. Masana koyon harshe, irin su Paul Nation na ƙasar New Zealand, sun nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi cikin sauƙi, wato baƙuwar kalma ɗaya cikin hamsin. Idan kowane layi yana da biyu ko uku, babu abin da za ka dafa. Bar sharhin tattalin arziki, koma labarin wasanni ko na garinku, inda ka riga ka san abin da ya faru.

Tarkon da ya fi haɗari shi ne kalmar da kake zaton ka sani. Wanda ya san kakaki a matsayin abin busa na fada zai wuce “kakakin majalisa” bai tsaya ba, alhali shugabanta ake nufi, “kakakin 'yan sanda” kuma mai magana da yawunsu ne. Alamar kuskure ita ce jimla ta ƙi haɗuwa: ta yaya za a zargi abin busa da cin kuɗi?

A nan ne ƙamus yake da amfani. Ja layi a ƙarƙashin kalmar, ka gama labarin tukuna. Wadda ta dawo sau uku kuma har yanzu ta tare maka hanya, ita za ka duba. Biyu ko uku a labari guda sun isa.