Daga Ina Mil Tara Ta Samo Sunanta?

Mu 'yan cikin gari ba ma kwatance da lamba. Sai dai mu ce bayan Kurmi, ko daf da Ƙofar Mata. Amma da zarar mota ta bar gari babu ƙofa babu unguwa, sai 'yan turakun siminti da ke gefen titi.

Ku ɗauki hanyar Katsina. Idan aka wuce Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa, ana isa Mil Tara, kafin Dawanau. Sunan nan awon hanya ne, tun lokacin da ake ƙirga tafiya da mil. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, wato mil 9 ya kai wajen kilomita 14 da rabi. Yanzu da kilomita ake awo, amma sunan ya zauna, ko ɗan adaidaita sahu ya san shi.

Turken kilomita fuska biyu gare shi. Kowace fuska tana ɗauke da sunan gari a taƙaice, da lamba a ƙasansa. Lambar tana faɗin nisan da ke tsakaninka da garin da aka rubuta. A ce motarmu ta lalace a hanyar Katsina, muka duba turke muka ga Katsina 130, ɗaya fuskar kuma Kano 40. To mun yi kilomita 40 daga Kano, saura 130. Idan muka haɗa su 170 ke nan, kusan tsawon hanyar. Turke na gaba zai nuna 41 da 129. Wannan lissafin yana da amfani, domin sau da yawa fenti ya goge ko an manna fastar ɗan takara a fuska ɗaya. Sai mu cire lambar da muke gani daga 170, mu samu ɗayar.

Amma kada mu kira gida mu ce "muna 40" kawai. Hanyar Zariya ma tana da nata 40. Dole a faɗi hanya. A taswira hanyar Katsina zuwa Jibiya A9 ce, ta Zariya kuwa A2, ko da yake ba mu taɓa jin direba ya kira su haka a tasha ba.

Idan aka tsallaka Jibiya aka nufi Maraɗi, salon yakan sauya. Lambar hanya a Nijar tana farawa da RN, turakun kuma gajeru ne farare masu jan kai, irin na Faransa. Ko a hoto muka ga jan kan nan, mun san an bar Najeriya.

Su kuwa turakun da ake jerawa a kwana ko bakin gada, babu rubutu a jikinsu. Suna nuna wa direba iyakar titi ne da dare, ba za su faɗa maka inda kake ba.