Waƙar Ƙirga da Tafi a Ajin Ƙananan Yara

Tafi tsohon abu ne a wasan yaran Hausawa. Da daddare, idan akwai farin wata, 'yan mata kan taru a dandali ko a ƙofar wani gida su yi da'ira. Ɗaya ta ba da waƙa, sauran su amsa, hannuwa kuma su riƙe kiɗan, don a gaɗa ba a bukatar kalangu. Akwai kuma wasan da yara biyu ke fuskantar juna, kowace ta tafa hannunta, sannan su haɗa tafin hannu, dama da dama, hagu da hagu, suna ƙara sauri har sai ɗaya ta kuskure a fashe da dariya. Ba wanda ke zaunar da yarinya ya koya mata wannan. A bayan yayarta take fara jinsa tun tana goye, kafin ta kai shekara biyar hannunta ya riga ya san inda bugu yake faɗawa.

Wannan gadon ne malaman ajin reno suka ɗauko suka shigar da shi aji, a Kano da Zariya da Katsina, har Maraɗi da Damagaram. Da safe, bayan an gaisa an yi addu'a, Malama kan ce, "To yara, a miƙe, a shirya hannu." Sai a yi da'ira, ko a tsaya a kan tabarma, ita ta zama mai bayarwa, su kuma 'yan amshi. Yaran da ke zuwa makarantar allo ba baƙi ba ne a wannan tsari, sun saba da a faɗa su maimaita da murya ɗaya. Maza ma suna shiga ba tare da jin kunya ba, domin sai sun ɗan tasa ne suke fara cewa tafi wasan mata ne.

Lambobin Hausa daga ɗaya zuwa goma sun dace da tafi ƙwarai. Duka goman gaɓa bibbiyu ne: ɗa-ya, bi-yu, u-ku, hu-ɗu, bi-yar, shi-da, ba-kwai, ta-kwas, ta-ra, go-ma. A Hausar Kano, tara daga cikinsu suna farawa da gajeriyar gaɓa, don haka kowace takan fita da sauri ta shige cikin bugu guda. Goma ce kaɗai ke farawa da doguwar gaɓa, shi ya sa baki kan ja ta, waƙar ta sauka da kanta a ƙarshe. A wajen Sakkwato, inda ake cewa biyat da shidda, gaɓar farko ta shidda tana da nauyi, kuma malamar kirki takan bar yara su faɗa yadda ake faɗa a gidajensu.

Waƙoƙin ƙirga da ake ji a azuzuwa iri biyu ne. Akwai wadda ke haɗa kowace lamba da wani abu mai wannan adadin. Akwai kuma wadda ke bin amsa-amo, wato kowace lamba ta jawo kalmar da ta ƙare kamarta. Ga wata ta nau'i na biyu da na tsara don mu ga yadda aikin yake tafiya:

Ɗaya, kaza ta taka ƙaya.
Biyu, amma tsaba ta ciyu.
Uku, ta fita da duku-duku.
Huɗu, shaho ya zo ta gudu.
Biyar, ta tsira da ƙyar.
Shida, sai ta nufo gida.
Bakwai, ta kwanta kan ƙwai.
Takwas, ƙwan ya ce ƙwas!
Tara, 'yan tsaki sun kama fara.
Goma, akurki za su koma.

Labari ne guda daga farko har ƙarshe, kuma da gangan aka yi haka. Yaron da ya manta abin da ke bin huɗu zai tuna cewa bayan shaho ya kawo farmaki kaza ta tsira, kalmar ƙyar kuma ta tuna masa biyar. Kaza da shaho da akurki duk abubuwa ne da ya gani da idonsa, ba sai an tsaya yi masa bayani ba.

Kowane layi bugu huɗu ne. A bugu na farko ana tafawa da ƙarfi sau ɗaya tak, a daidai lokacin da lambar ta fita daga baki. A na biyu da na uku ana ɗan bubbuga cinya a hankali yayin da ake faɗin sauran layin. Na huɗu kuwa na hutu ne, hannuwa a buɗe, a ja numfashi. A kwanakin farko yara ne ke faɗin lamba, Malama ta cike layin. Bayan mako ɗaya ko biyu sai a juya, ko a raba ajin gida biyu. 'Yan shekara uku nasu tafin a hannunsu kawai yake tsayawa, domin haɗa hannu da na aboki a kan kari yana yi musu wuya. 'Yan shekara biyar za su iya tsayawa biyu-biyu, su haɗa tafin hannu a kan lambar. Ba a kuma kai sabon shiga goma a rana ɗaya. A tsaya a biyar, inda kaza ta tsira, sai ta zauna musu daram kafin a ƙara.

Wannan ƙa'ida ta tafi ɗaya ga lamba ɗaya ita ce ginshiƙin komai, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Da yake lambobin gaɓa biyu ne, hannun yaro yakan so ya bi kowace gaɓa, ya tafa a kan ɗa ya sake tafawa a kan ya. Idan aka ƙyale shi, zai isa goma da tafi ashirin. Waƙar za ta yi daɗi a kunne, amma ranar da aka zuba masa tsakuwa huɗu a gabansa, sai yatsansa ya taɓa biyu yana cewa ɗaya, ya taɓa sauran biyun yana cewa biyu, ya ɗago kai ya ce biyu ne. Akwai kuma biyar da bakwai da takwas, waɗanda nauyinsu yake a gaɓa ta biyu. A kansu tafin yara kan makara ya faɗa a ƙarshen kalma, ajin ya rikice, wasu gaba wasu baya. Maganinsa Malama ta rage sauri a wuraren nan uku, ta ɗaga hannu sama kowa ya ga lokacin da zai sauka. Bakwai da takwas kuma sun yi kama a kunne, duk suna da kwa a tsakiya, don haka yara sukan tsallake ɗaya ko su musanya su. Abin da ya sa na sa ƙwai a bakwai, fashewarsa a takwas ke nan: kowane yaro ya san sai an yi kwanci kafin a ƙyanƙyashe.

Ni a ganina, babban kuskuren da iyaye da malamai ke yi shi ne ɗaukar hadda a matsayin iya ƙirga. Uba ya ji ɗansa ya rero har goma ba tuntuɓe, sai ya ce ai yaron ya iya lissafi. Masana biyu, Rochel Gelman da C. R. Gallistel, sun yi bayani a littafinsu na 1978 cewa ƙirga ta gaskiya tana bukatar abubuwa da dama, daga ciki akwai faɗin lambobi a jere ba canji, da ba kowane abu lamba guda, da kuma gane cewa lambar ƙarshe ita ce adadin duka. Waƙa tana bayar da na farko. Tafi, idan an yi shi daidai, yana share fagen na biyu. Na uku kuwa waƙa ba ta bayar da shi, sai da abin da hannu zai taɓa.

Saboda haka malaman da suka san aikinsu ba sa rabuwa da gwangwanin tsakuwa ko marafan kwalba, masu girman da yaro ba zai iya haɗiyewa ba. Bugun nan na huɗu, na hutu, a nan yake amfani: a cikinsa ne yaro ɗaya da aka zaunar a tsakiyar da'ira zai ɗauki tsakuwa guda ya jefa a ƙwarya. Idan waƙa ta ƙare, sai a juye ƙwaryar a ƙirga, a ga ko goma ce.

A ɗauka ga yarinya 'yar shekara huɗu da ta fi kowa murya a waƙar. Malama ta jera mata marafai shida ta ce, "Zo 'yata, ƙirga mini." Ta fara taɓawa tana faɗa, ta kai na shida, amma bakinta bai tsaya ba, ya zarce bakwai, takwas, har goma, yatsa yana komawa kan waɗanda ta riga ta taɓa. Wannan alama ce cewa waƙar ce ke jan ta. Sai Malama ta sa ta riƙa ture kowane marfi gefe idan ta ƙirga shi, ta yadda in sun ƙare babu abin da za a taɓa, dole baki ya yi shiru. Bayan an samu wannan, sai tambaya ta biyu: "To nawa ke nan?" Idan ta koma farko ta sake ƙirgawa maimakon ta ce shida, ba ta kai ga gane cewa lambar ƙarshe ita ce amsa ba tukuna. Gwaji na uku ya fi su tsauri. A tara marafai goma a gabanta a ce, "Ba ni huɗu." Wadda ba ta gane ba za ta dumbuzo da hannu ta miƙa. Wadda ta gane za ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya cak a huɗu. Daga nan ne Malama za ta fara katse waƙar da gangan, yau a uku, gobe a bakwai, ta tambayi ajin tafi nawa aka yi.

A makarantun kuɗi da yawa, musamman a birane, da Turanci ake wannan waƙar, a Nijar kuma da Faransanci. Yaron da aka aika shago ya sayo ƙwai uku ya dawo da su cif, shi ne za ka ji yana rera lambobin wani harshe ba tare da ya san suna da alaƙa da ƙwan da ya sayo ba. Ba na ƙin yaro ya koyi lambobin Turanci, zai bukace su a firamare. Amma ma'anar uku ta riga ta fara zama a kansa da Hausa, a wajen rabon alewa da ƙosai, kuma a kan wannan ya kamata a ɗora. Tsarin ilimi na ƙasa da Najeriya ta fitar a 1977 ma ya tanadi a koyar da yara a wannan mataki da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsu.

Don haka malamai, ku fara da Hausa, ku tsaya a biyar har sai ta zauna, kuma kada a tafa sau biyu a kan lamba ɗaya. Ku kuma iyaye, idan yaro ya dawo yana rera ɗaya zuwa goma, ku yaba masa, sannan ku zuba masa dabino a faranti ku ce ya ba ku huɗu.