An Yanke Hukunci Ba Ka Gamsu Ba: Kwana Nawa Ya Rage Maka?

'Yan uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu mun taɓa jin an dawo daga kotu ana cewa, "Alƙali ya ba da kwana talatin ga wanda bai yarda ba ya ɗaukaka ƙara." Wannan makon za mu duba wannan magana a shari'un da ba na laifi ba, irin su rikicin gona, bashi, gado da aure. Abu biyu ake buƙata kafin kotun sama ta saurari mutum: dalilin da doka ta yarda da shi, da kuma zuwa cikin lokaci. In ɗaya ya ɓace, ɗayan ba ya wadatarwa.

Mu ɗauki misali. A ce wani manomi a nan Argungu ya yi shari'a da maƙwabcinsa a Babbar Kotun Jihar Kebbi kan wata gonar shinkafa a fadama, kuma ranar 10 ga Maris kotu ta ce gonar ta maƙwabcin ce. Inda zai kai kukansa shi ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, reshen Sakkwato, wanda ke sauraron ƙararrakin Kebbi, Sakkwato da Zamfara. Amma takardar sanarwar ɗaukaka ƙarar, a wurin rajistaran kotun da ta yanke hukuncin ake shigar da ita.

Me zai rubuta a takardar? "Ban ji daɗin hukuncin ba" ba dalili ba ne. Kotun sama ba ta sake kiran shaidu don a fara shari'a daga farko, bayanan da ƙaramar kotu ta rubuta take karantawa, ta ga ko an yi kuskure. Don haka dole manomin ya nuna kuskuren, ya kuma faɗi inda yake. Zai iya cewa alƙali ya yi amfani da dokar da ba ta shafi maganar ba, ko ya karɓi takardar da doka ta hana a karɓa a matsayin shaida. Zai iya cewa kotun ba ta da hurumin sauraron ƙarar tun asali, ko an hana shi damar kare kansa. Zai kuma iya cewa hukuncin ya saɓa wa nauyin shaidun da aka gabatar. Wannan na ƙarshe ya fi wuyar ci, domin alƙalin farko shi ya ga shaidu da idonsa, kuma kotun sama ba ta saurin rushe abin da ya gano.

A kotunan Shari'ar Musulunci akwai wani dalili da ya shahara, wato rashin yin i'izari. A mazhabar Malikiyya, kafin alƙali ya yanke hukunci sai ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja. In bayanan kotu ba su nuna an yi wannan tambaya ba, kotun sama takan rushe hukuncin, ta sa a sake shari'ar.

Sai batun lokaci. Sashe na 24 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya ba da wata uku idan hukuncin na ƙarshe ne, da kwana 14 kacal idan umarni ne da aka bayar a tsakiyar shari'a. Manominmu hukuncin ƙarshe aka yi masa, saboda haka yana da daga 10 ga Maris zuwa 10 ga Yuni. Ba a lissafa ranar da aka yanke hukuncin, washegari ake fara ƙirga. Idan ranar ƙarshe ta faɗo a Lahadi ko ranar hutun gwamnati, wa'adin yakan tsallaka zuwa ranar da ke biye wadda ba ta hutu ba.

To amma a ce abin da kotu ta yi ranar 10 ga Maris ɗin shi ne hana shi shiga gonar har sai an gama shari'a. Wannan umarnin tsakiyar shari'a ne, wa'adinsa zai ƙare 24 ga Maris. Nan ne mutane ke faɗawa rami: mutum ya zauna yana lissafin wata uku, alhali mako biyu ne gare shi. Yaya za a bambance su? Kotun Ƙoli ta yi bayani a shari'ar Akinsanya da bankin UBA a 1986. A duba ko hukuncin ya raba gardamar gaba ɗaya, har ba sauran abin da ɓangarorin za su koma yi a wannan kotu. In haka ne, na ƙarshe ne. In kuwa za su koma a ci gaba, na tsakiya ne.

Kwana talatin ɗin da muka fara da shi kuwa, shi ne wa'adin da alƙalan kotunan Shari'a suka saba sanarwa bayan hukunci. Sai dai a kula da kotun da za a dosa. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, irin wadda ke Birnin Kebbi, hurumi kan aure, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. A shari'ar Magaji da Matari a 2000, Kotun Ƙoli ta ce rikicin mallakar fili zalla ba ya cikin wannan hurumi. Wanda ya kai irin wannan ƙara can, ko ya yi nasara ana iya rushe ta daga baya.

Idan lokaci ya riga ya wuce fa? Ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba, amma yanzu roƙo ne, ba haƙƙi ba. Manomin zai nemi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙara masa lokaci, kuma sai ya cika sharuɗɗa biyu tare. Na farko, ya kawo takardar rantsuwa mai bayyana dalili mai ƙarfi na jinkirin, misali jinyar da ta kwantar da shi a asibiti, tare da takardun likita. Na biyu, ya nuna cewa dalilan ƙarar tasa suna da abin dubawa. Cewa "ina jiran dattawa su sasanta mu" ko "ina jiran in sayar da shinkafa" ba lalle ba ne kotu ta karɓa. Sulhu abu ne mai kyau, amma agogon kotu ba ya tsayawa don ana sulhu.

Abu na ƙarshe: ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta dakatar da zartar da hukunci, kamar yadda sashe na 17 na wannan doka ya tanada. Maƙwabcin zai iya karɓar gonar ya shuka, sai fa in manomin ya shigar da wata buƙata daban ta neman a dakatar, kotu kuma ta amince.

Saboda haka, idan an yi wa wani a gidanku hukunci, ku tuna masa ya rubuta kwanan watan a ranar, ya nemi kwafin hukuncin daga rajistara, ya kuma ga lauya a cikin makon farko. Lauyan ne zai tantance masa ko wata uku gare shi, ko kwana talatin, ko kwana 14.