Takarda Ɗaya, 'Yan Kasuwa Uku: Yadda Ake Neman Farashi Kafin Babban Sayayya

Idan kwamitin makaranta ko na masallaci zai sayi kayan gini, abin da aka saba shi ne a raba mutane su je su jiyo farashi. Wannan ya buga wa dillalin da ya sani waya, wancan ya shiga kasuwa ya tambaya da baki, na uku ya aika saƙo. Ranar zama sai a tarar da farashi uku da babu yadda za a jera su, domin kowa abin da aka tambaye shi daban. Ɗaya ya haɗa da kuɗin mota, ɗaya bai haɗa ba, ɗaya kuma farashin ranar kawai ya faɗa. Maganin wannan shi ne takardar neman farashi, wato takarda guda da ake aika wa 'yan kasuwa da dama a rana ɗaya, mai ɗauke da tambaya iri ɗaya, domin amsoshin su zo a kan ma'auni ɗaya.

A ce kwamitin wata makarantar Islamiyya zai gina azuzuwa biyu, yana bukatar siminti buhu 300 da rodi guda 100. Aikin farko shi ne a siffanta kayan yadda ba za a iya kawo wani abu daban a ce shi ne ba. Rubuta “siminti” kawai bai isa ba. Sai a ce buhu mai kilo 50, a faɗi darajarsa kamar yadda injiniya ya nema, ko 32.5 ko 42.5, tun da duka biyun suna kasuwa kuma an buga lambar a jikin buhu. Rodi ma haka: kaurin milimita 12, tsawon mita 12, a kuma nemi kowa ya rubuta nauyin guda ɗaya. Rodin da ya cika wannan awo yana kai kusan kilo 10.7, don haka sikeli na iya tona asirin wanda aka tsuke.

Bayan siffar kaya sai sharuɗɗa, kuma a nan ne kuɗi ya fi ɓuya. Takardar ta faɗi inda za a kai kaya da ranar da ake son su, ta bayyana ko farashin ya haɗa da kuɗin mota, da lodi, da 'yan dakon da za su sauke, da haraji. Ta nemi ɗan kasuwa ya faɗi kwana nawa farashinsa zai tsaya bai canza ba, domin siminti na iya tashi kafin kwamiti ya sake zama. Ta faɗi yadda za a biya, ko da kafin alƙalami ko sai an ga kaya a ƙasa. A ƙarshe ta sa rana da lokacin rufe karɓar amsa. Ya fi kyau a haɗa da jadawali wanda kowa zai cike: sunan kaya, adadi, farashin guda, jimla. Idan wani ya yi tambaya aka ba shi ƙarin bayani, to a sanar da sauran a ranar, kada ya san abin da ba su sani ba.

Yanzu a ɗauka amsoshi uku sun iso, kuma farashin da ke tafe misali ne kawai. Na farko ya sa siminti naira 9,500, rodi 9,000, jimla 3,750,000, amma ya rubuta cewa a shagonsa za a ɗauka. Na biyu ya sa siminti 9,900, rodi 9,300, jimla 3,900,000, har ƙofar makaranta da saukewa. Na uku ya sa siminti 9,600, rodi 7,500, jimla 3,630,000, shi ma zai kai, sai dai ya rubuta nauyin rodinsa kilo 9.

Mai gaggawa zai ce na uku ya fi sauƙi. Amma kafin a duba farashi, ana fara tambaya ne ko kowace amsa ta cika abin da aka nema. Rodi mai kilo 9 a tsawon mita 12 kaurinsa kusan milimita 11 ne, ba shi aka tambaya ba, kuma a cikin ginshiƙin ajin da yara za su zauna za a zuba shi. Sai a ajiye takardar na uku gefe, a rubuta dalili. Saura biyu. Na farko ya nuna ragin naira 150,000 a kan na biyu, amma da kwamiti ya bincika kuɗin mota da dako ya tarar za su ci 200,000, jimlarsa ta koma 3,950,000. Ashe wanda ya fi tsada a ido shi ne ya fi arha da naira 50,000. Hausawa suka ce arha ba ta ado, kuma da ba a nemi nauyin rodi a rubuce ba, da sai an zuba kankare kafin a gane, idan ma an gane.

Wannan tsari yana cikin dokar sayen kayan gwamnatin tarayyar Najeriya ta 2007. Dokar ta ce a nemi farashi daga 'yan kasuwa uku waɗanda ba su da alaƙa da juna, a sanar da kowa ko kuɗin sufuri da haraji suna cikin farashi, kowa ya ba da farashi sau ɗaya ba tare da ya canza ba, kuma kada a yi ciniki bayan an karɓa. Wanda ya cika sharuɗɗa da mafi ƙarancin farashi shi ake ba. Dokar ba ta hau kan kwamitin unguwa ba, amma hikimar hana ciniki ta shafi kowa. Muddin aka kira mutum ɗaya aka raɗa masa farashin abokan takararsa ya rage, gobe babu wanda zai ƙara faɗin farashinsa na gaskiya, kowa zai ɗora abin da za a rage.

Babbar hanyar da ake lalata tsarin ita ce mutum ɗaya ya kawo takardu uku da sunayen kamfanoni daban-daban, biyu ya cika su da tsada don ta ukun ta ci. Ana gane wannan idan an lura. Lambar waya ko adireshi ya maimaitu, rubutun hannu iri ɗaya ne, kuskuren rubutu guda ya fito a takardu biyu, ko kuma mutum ɗaya ne ya kawo ambulan ɗin duka. Shi ya sa bai kamata wanda ya zaɓo 'yan kasuwar ya zama shi kaɗai ne mai karɓar amsa ba. A karɓi takardu a rufe, a buɗe su lokaci ɗaya a gaban aƙalla mutum uku, kowa ya sa hannu a kan jadawalin kwatanci. Ɗan kwamitin da ɗan'uwansa ke cikin masu neman cinikin ya faɗa tun farko, ya janye daga hukunci.

Tsarin yana da iyakarsa. Ya dace da kayan da ake iya siffanta su da awo da lamba, irin su siminti, kwano, takarda ko buhun shinkafa. Aikin da ingancinsa ya dogara da gwanintar mai yi, kamar zanen gini, ba a yanke shi da farashi kaɗai. Sannan zaɓen ɗan kasuwa ba shi ne ƙarshen aiki ba. Ranar da mota ta iso, a fito da takardar da aka aika tun farko, a ƙirga buhuna, a duba lambar da ke jikinsu, a ɗora rodi biyu ko uku a sikeli, sannan a sa hannu a biya cikon kuɗi.