Minti 45 da suka cinye dala miliyan 440

Ranar 2 ga Agusta 2012, kamfanin dillancin hannun jari na Knight Capital da ke Amurka ya sanar da masu zuba jari cewa ya yi asarar kusan dala miliyan 440 jiya-jiya. Sanarwar ta ce sabuwar manhaja ce ta jawo, an cire ta, jarin kamfanin kuma ya ji jiki. Sai a 2013 binciken hukumar SEC ya fasa ƙwan.

Manyan kwamfutoci takwas ne ke aika odar saye da sayarwa. Ma'aikaci ya ɗora sabuwar manhajar a bakwai, ya tsallake ɗaya, ba kuma wanda ya bi bayansa ya duba. A ta takwas ɗin akwai tsohon tsari mai suna Power Peg, wanda aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a goge ba. Da kasuwa ta buɗe sai ya farka. Aikinsa daddatsa babbar oda, amma ba ya gane an cika ta, sai ya yi ta aikawa. Oda 212 suka haifi ciniki sama da miliyan huɗu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne saƙonnin imel 97 da suka ambaci matsalar tun kafin a buɗe kasuwa, ba wanda ya ɗauki mataki.

Masu zuba jari sun ceto kamfanin da dala miliyan 400, tsofaffin masu hannun jari suka rasa rinjaye. SEC ta ci shi tarar dala miliyan 12, ta kuma wajabta masa ɗauko ƙwararre daga waje ya binciki matakan tsaronsa.